Wace kalma za mu sa wa `sharpen` da `batch` da Hausa?

Mai Shago: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Muna da shago a intanet, hula da shadda da atamfa da takalma muke sayarwa, hotuna sun taru kusan 400 kowanne da nashi girman, wani a tsaye wani a kwance. Na rubuta ɗan firogiram da Python, da Pillow nake aiki, wato kayan sarrafa hoto na Python, yana bin folda ɗaya bayan ɗaya ya maida kowane hoto fiksel 1000 tsawo 1000 faɗi sannan ya fito da shi. Ga zuciyar abin:

```python
im = ImageOps.exif_transpose(Image.open(p)).convert("RGB")
im = ImageOps.pad(im, (1000, 1000), Image.Resampling.LANCZOS, color="white")
im = im.filter(ImageFilter.UnsharpMask(radius=1, percent=80, threshold=3))
im.save(fita, quality=88)
```

To yanzu bayani nake so in rubuta wa yaran shago da Hausa don su iya yi ko ba na nan. Daidaita girma ba matsala, kowa ya gane. Layi na uku ne ya tsaye min, abin da ake ce wa `sharpen`, sai kuma wannan yin su gaba ɗaya da ake ce wa `batch`. Me zan kira su?

Baba Ƙarami: Wa alaikumus salam. Ai kawai ka ce ƙara haske, hoto ya yi haske ya fito tar shi kenan.

Mai Shago: A'a Baba, haske daban ne, shi ma akwai nashi wurin. Idan na rubuta haske gobe yaro zai ga farar shadda ta yi duhu ya je ya ƙara `percent` yana jiran ta yi fari, ba za ta yi ba, lalacewa ma za ta yi.

Ummu Hanif: Ni dai gyaran dishi-dishi zan ce, don abin da yake yi kenan ai, hoton da ya yi hazo-hazo ya dawo garau.

Malam Injiniya: Hajiya kin kusa amma akwai gyara, kuma nan ne ma sunan zai iya yaudarar mutane. Abin da `UnsharpMask` yake yi shi ne ya kwafi hoton ya dusashe kwafin da gangan, sai ya duba inda na asali ya bambanta da dusasshen, to a ina za a samu bambanci? A baki-bakin abubuwa, inda baƙin zare ya haɗu da farin yadi, ko gefen takalmi da bango. Sai ya ƙara wa wurin ƙarfi, ɓangaren duhu ya ƙara duhu kaɗan ɓangaren haske ya ƙara haske kaɗan, ido ya ga kamar layin ya tsaya. `radius` shi ne faɗin bakin da zai taɓa, `percent` yawan ƙarfin, `threshold` kuma yana ce masa idan bambancin bai kai kaza ba ka ƙyale wurin, shi ya sa farin bango ba ya yin tsakuwa-tsakuwa. Babu wani sabon abu da yake ƙirƙirowa. Hoton da hannu ya yi rawa wajen ɗauka, ko kyamara ta kama bango ta bar hular, wannan ba zai dawo ba. Dishi-dishin da yake magani shi ne ɗan laushin da hoto ke yi bayan an rage masa girma.

Saboda haka ni kaifi zan ce. Ƙara kaifi, ko kaifafa. Maƙeri idan aka kawo masa wuƙa baki kawai yake wasawa, ba ya ƙara mata ƙarfe, idan kuma ya matsa da yawa bakin ya cinye. Daidai da abin nan.

Ummu Hanif: To me zai hana a ce wasa hoto tunda wuƙa wasa ta ake yi?

Malam Injiniya: A baki yana da daɗi, a rubuce ne matsala. Yaro zai karanta wasa ya ɗauka wasan yara ake nufi, rubutunmu ba ya nuna karin sauti. Kaifi kuwa ba ya rikicewa da komai, kuma za ki iya cewa kaifin ya yi yawa, kaifin bai isa ba, a rage kaifi.

Mai Shago: Wallahi wannan cinye bakin na gan shi da idona. Da farko ban sa lambobi ba na bar shi da nashi na asali, wato 2 da 150 da 3, a takalma ya yi kyau amma da na buɗe hulunan sai ga wani farin layi ya zagaye kowane ɗinki kamar an zana da alli, shadda mai sheƙi kuma ta zama kamar an watsa mata yashi. Sai da na sauko 1 da 80 ya lafa. Yanzu kafin in saki duka sai na gwada a hoto goma, in buɗe su a cikakken girmansu in duba gefen baƙin kaya a kan farin bango, nan farin layin yake fara bayyana.

Ɗan Maradi: Ni tawa matsalar daban ce, masu kawo mini kaya ta WhatsApp suke turo hoto, na yi irin wannan duka sai suka ƙara muni, wasu murabba'ai ƙanana suka fito a jikin yadin. Wane kaifi ke nan?

Malam Injiniya: Ɗan uwa hoton an riga an matse shi kafin ya iso ka, waɗannan murabba'an tabon matsewar JPEG ne, su ma suna da baki, shi kuma bai san bakin tabo da bakin zare ba duka yake kaifafawa. Kuma `pad` idan hoto bai kai 1000 ba buɗa shi yake yi ya kai, ya ƙara laushi. Ka ce su turo a matsayin `Document`, sannan ka sa firogiram ya ware duk hoton da dogon gefensa bai kai 1000 ba a wata folda kada ya taɓa shi. Wani abu kuma, kullum rage girma shi ne farko, kaifi a ƙarshe. Hoton waya mai 4000 da 3000 zai koma 1000 da 750 a cike sama da ƙasa da fari 125 kowanne, idan ka kaifafa kafin ragewa kusan duk kaifin ya tafi a banza.

Mai Shago: Kaifi ya zauna a wajena, zan rubuta ƙara kaifi. Saura ɗayar. Na so in ara kawai in rubuta baci sai na tuna yaran ba sa sa ƙugiya a waya, zai zama kamar ɓaci, aikin baci kuma ba sunan da za ka sa wa gyara ba ne.

Baba Ƙarami: Sari mana. Gyaran sari, saɓanin ɗai-ɗai, duk ɗan kasuwa ya san shi.

Ummu Hanif: Sari a shago zai rikice da sarin kaya Baba, ka ce an yi sarin hotuna wani zai tambaya nawa aka saya. Ni zubi ɗaya ya fi kwanta min, kamar mai masa, ƙullu ɗaya tanda ɗaya duk su fito girma ɗaya, idan kuma gishiri ya yi yawa a ƙullun to duka ya shafa.

Ɗan Maradi: A tashi ɗaya fa? Mu haka muke faɗa.

Malam Injiniya: A tashi ɗaya yana da kyau wajen bayyana yadda aka yi, amma ba ya ƙirguwa. Zubi kuwa za ka ce zubin huluna, zubin takalma, zubi na biyu, kuma ana buƙatar hakan don lambobin da suka dace da fata ba su dace da yadi mai ratsi ba, gara a raba folda kowane zubi da nashi kaifin. Abin da ban gamsu da shi ba, zubi yana kai tunanin wasu wajen adashi.

Mai Shago: Na rubuta zubi a takardar, na kuma sa musu gargaɗi cewa folda ta asali ba a ajiye komai a kanta, `fita` sunan fayil ne a cikin wata folda daban, don hoton da aka kaifafa sau biyu ba ya gyaruwa. Ranar Asabar akwai sabbin atamfofi wajen 60, zan ba su takardar ba tare da na yi bayani da baki ba in ga ko za su gane zubin ko sai na koma a tashi ɗaya.