Zanen fensir ɗina na fita fari fat a img2img, in koma ControlNet ne?

Mai Fensir: Jama'a, ina haɗa bangon littafin yara. Na zana yarinya a gindin bishiya ta hagu, kyanwa ta dama, na ɗauka da waya na saka a img2img na Stable Diffusion 1.5, wato ɓangaren da AI ke fitar da sabon hoto daga hoton da ka ba shi. Idan Denoising strength, ma'aunin yawan canjin da zai yi wa hoton, na 0.4, zanena ne ke dawowa fari fat. Idan na kai 0.85 hoton ya yi kyau, amma bishiyar ta koma tsakiya, kyanwar ta ɓace. VRAM ɗina, wato memorin graphics card, 4GB ne. In ci gaba da lalube ko in saka ControlNet, ƙarin da ke sa hoto ya bi tsarin zane?

Ɗan Sauri: Koma SDXL kawai, babban samfurin Stable Diffusion, ka huta.

Tsohon Hannu: Da 4GB? Ka karanta tambayar kuwa? Malam Mai Fensir, img2img launi yake bi, bai damu da layi ba. Hazo yake zuba wa hotonka sannan ya share, to farar takarda fari za ta haifa. Ka shafe zanen da launi ko da na gaggawa ne: shuɗi a sama, kore a bishiya, kyanwar ta zama dunƙulen ruwan toka. Ka mai da shi 512 sau 512, ka riƙe seed ɗaya, wato lambar da ke tsara hazon, ka gwada daga 0.55 zuwa 0.7. Kuma ka ambaci kyanwar a rubutun umarni, in ba haka ba dutse za ta zama.

Uwar Biyu: Ni ControlNet scribble ya fisshe ni, layin yake riƙewa. Amma fa a littafin makaranta na yi zanen farko, layukan takardar suka fito shinge a bayan mutane.

Ɗan Sauri: Shinge kyauta, ai riba ce Hajiya.

Baƙin Alƙalami: Ku dai ku yi ta lissafi. Na yi wa wani irin wannan aikin, ya yaba zanen hannu, na fitar da hoton, sai ya ce a gyara hannun yaron don yatsu shida ne. Ina gyarawa fuska ta canza. Ƙarshe ya ce ai na'ura ce ta yi, bai biya ba, kuma ya tafi da zanena.

Uwar Biyu: Da inpaint ka yi, hannun kaɗai zai taɓa.

Baƙin Alƙalami: Hajiya, kuɗina nake magana.

Ɗan Sauri: Akwai shafukan da ke yi kyauta ai.

Na Gefe: Wane kyauta? Wanda nake amfani da shi kowane gwaji sai ya ci kati, har wanda ya lalace.

Tsohon Hannu: Mai neman shawara dai ya duba wanda ya taɓa kunna abin a kwamfutarsa.

Ɗan Sauri: Ranka ya daɗe, kai ma tun 2023 ba ka sauya manhaja ba.

Mai Fensir: To ControlNet ɗin zai hau 4GB?

Na Gefe: Wai ku kuna ba masu kawo aiki zanen hannun ne kafin su biya?