Neman kalma: abin da ake lulluɓe kofin tangaran da shi

Hadiza: Assalamu alaikum. Ina fassara bayanin wasu kofuna ginin hannu masu murfin katako, waɗanda za a baje kolinsu ranar Asabar, amma kalmar da Turawa ke kira gilez ta gagare ni. Bayanin ya kuma ambaci siraran tsage-tsage a jikin gilez ɗin da layukan da ke jikin katakon.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ki rubuta "sheƙi", kowa zai gane. Layukan kuwa, kafintocinmu "jijiyar katako" na ji suna cewa.

Malam Isa: Jijiyar ta yi, amma sheƙi bai yi ba, Malam Bala. Tukunyar gargajiya da aka goge da dutse kafin gashi tana sheƙi alhali ba a shafa mata komai ba, kuma akwai gilez da ba ya sheƙi sam. Shi gilez, toka da garin dutse da yumɓu ake damawa da ruwa, a tsoma kofin a ciki, a gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,200 har haɗin ya narke ya zama gilashi. Ni "rufin gilashi" nake ce wa almajiraina.

Alhaji Garba: Gilashi ai aro ne! Muna da "makuba" tun kaka da kakanni, don me kullum sai mun yi bara a ƙofar Turanci?

Malam Isa: Allah ya ja kwana, Alhaji, makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, kuma ba ta narkewa ta zama gilashi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ƙwararriyar maginiyar tukwane ce tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a 1954, a garin da ake kira Suleja yanzu, amma a can ta fara aiki da gilez. Idan muka kira duka biyun makuba, mai saye zai ruɗe.

Alhaji Garba: Kalma tana faɗaɗa ma'ana idan masu ita suka so. Rashin kishi ne kawai.

Rabi: Ni teburina ma ya dushe, wane mai zan shafa masa?

Hadiza: Malama Rabi, ba gyaran katako muke magana ba. Malam Isa, tsage-tsagen fa? Ina gudun a ɗauka kofin ya fashe.

Malam Isa: Suna fitowa ne idan rufin ya fi jikin kofin tsukewa yayin hucewa, sai ya tsattsage shi kaɗai. Ki ƙwanƙwasa kofin da farce: idan ya yi ƙara garau, jikinsa lafiya lau, idan ƙarar ta mutu, tsagar ta ratsa yumɓun. Ki rubuta "tsattsagewar rufi", amma ki bayyana cewa shayi yana shiga layukan ya rina su idan a cikin kofin suke.

Hadiza: Na gode. Na ɗauki "rufin gilashi" da "jijiyar katako".

Alhaji Garba: Ki sa saboda Asabar, amma ni ban amince ba tukuna.