An cire min riyal 75 da sunan GOSI, daidai ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Saudiyya. Direba ne ni a wani kamfani a Jidda, da iƙama nake aiki. Wata takwas ban taɓa duba takardar albashina ba, abin da ya faɗo banki kawai nake kallo. Jiya dai na zauna da biro.

Tushen albashi riyal 3,000, kuɗin gida 750, na sufuri 300. Jimla 4,050. Gurbin haraji babu komai, wannan na gane, tunda nan ba a cire harajin albashi. An zaftare 135 na kwana ɗaya da ban je ba, wato 4,050 raba 30. Ban ja ba, fashin nawa ne.

Inda na maƙale shi ne riyal 75 na layin GOSI, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Saudiyya. Na juya lissafin har na gano kashi 2 cikin ɗari ne na 3,750, tushe haɗe da kuɗin gida. To ni a sanina baƙo ba ya cikin tsarin fansho, kuma wannan kashi 2 na inshorar haɗarin aiki ne, kamfani ke biya daga aljihunsa.

Akantanmu ya ce min wai "haka tsarin yake". Don Allah wanda ya sani, halas ne a ɗora min? In kuskure ne, ta ina zan nemi na watannin baya ba tare da na ɓata da maigida ba?