Uwar Idi ko Ayashe: wane ne sunanta na gaskiya?

Rabi Tawa: Jama'a ku raba mu gardama da yayana. Kakarmu duk unguwa Uwar Idi ake ce mata, ni har na yi aure ban san wani sunan ba. Bara muka kai ta a yi mata takardu don tana son zuwa Makka, mai rubutu ya ce Inna mi sunanki, ta yi shiru ta sunkuyar da kai kamar amarya, can ta ce "Ayashe". Shi ko ya rubuta Aishatu. A hanya take ce mini 'ya'ya huɗu uwarta ta binne kafin ita. Ni na ce Ayashe ne sunanta kuma an ɓata mata shi, yayana ya ce A'isha ce ba wani abu.

Salisu Yamai: Yayanki ya fi ki gaskiya ƙanwata. Tsofaffin ƙauye haka suke lanƙwasa suna, Aisha ta koma A'i ko Shatu ko Indo, to mi zai hana ta koma Ayashe? mai rubutun ya gyara ne kawai

Malam Habu: Salisu, A'i da Shatu da Indo duk gaskiya ne, amma Ayashe ba ya cikinsu. Ka saurari kalmar, "a yashe", wato a yar da ita, a bar ta nan. Sunan 'ya'yan wabi ne, macen da take haihuwa suna mutuwa. In ta sake haihuwa sai a nuna kamar ba a damu da jaririn ba, wai ko mutuwa ta kau da ido, shi ya sa kake jin Ajuji, wanda akan kai bisa juji a ajiye sannan wata tsohuwa ta ɗauko shi, ko Bawa, wai ba ɗan gidan ba ne. Ita da bakinta ta ce huɗu suka riga ta, to ai ta gama ba da amsa. Sai dai Rabi ke ma ban ba ki gaskiya duka ba ɗiyata. Wannan laƙabi ne. Ran bakwai da aka yanka rago liman ya raɗa mata wani suna, shi ne sunan yanka, kuma da wuya liman ya raɗa Ayashe.

Rabi Tawa: To Malam sunan da uwarta ta kira ta da shi har ta koma ga Allah, da shi aka kai ta ɗakin miji, shi ne ba nata ba? Wallahi da ta faɗe shi hawaye na gani a idonta

Hajiya Zinaru: Ni abin da ban yarda da shi ba a labarin nan, yaya za a ce mata Uwar Idi alhali Idi ɗan fari ne? mu da muka tashi ba a kama sunan ɗan fari

Malam Habu: Hajiya ai kunyar a kanta take ita da mijinta, maƙwabta ba ruwansu. Su suna iya cewa Uwar Idi, ita ce ba ta buɗe baki ta ce Idi.

Rabi Tawa: Haka ne kuwa, babanmu yau ya haura sittin amma "wancan" take ce mishi, ko ta ce "uban su Rabi". Ko Sallah ba ta cewa za a tafi idi, sai ta ce za a tafi fili.

Ɗan Adar: Akwai hanya mai sauƙi. Ku duba cikin jikoki wadda aka yi wa takwara da ita, ai ba a kiran sunan, sai a ce Inna ko Mama ko Ummi. Sunan da ke cikin takardar lakwal ɗin yarinyar shi ne sunan yankan tsohuwa, don wanda ya sa takwarar ya tambaya kafin ya sa. Mu haka muka gano tamu kakar Hawa'u ce, shekara da shekaru muna ce mata Kande don ta biyo maza ukku.

Rabi Tawa: Akwai, ɗiyar baffana, Inna ƙarama muke ce mata. Yanzu na kira uwarta, ta ce Hadiza ce a takarda.

Salisu Yamai: To na janye A'isha. Amma kin tabbata ba kakarta ta wajen uwa aka yi wa takwarar ba?

Rabi Tawa: Uwar ta ce baffa ne ya zaɓa, shi kuma ya rasu. Wadda ta rage da za ta sani ƙanwar kaka ce da ke Keita, ita ma kunnenta ya yi nauyi ba ta jin waya.

Hajiya Zinaru: Ke da tsohuwa na da rai, ki zauna kusa da ita bayan isha'i in an watse ki tambaye ta a hankali mana.

Rabi Tawa: Na tambaya jiya Hajiya. Ta ce ragon an cinye shi tun ba ta da wayo, ita Ayashe ta sani. Ran Juma'a zan shiga mota in tafi Keita.