Launin kicin ɗin da ake yawan suya a ciki

Wasu mata da suka tattauna launin da ya dace da bangon irin wannan kicin a Kaduna ba su yarda da fari tas ba: manja na barin tabo ja, hayaƙin suya kuma ya mayar da bangon rawaya-rawaya. Baƙi ma bai tsira ba, ƙurar hunturu kan manne wa maiƙo ta fito fili, ga shi yana ƙuntata ƙaramin ɗaki.

Shawarar wata mai suyar ƙosai a Tudun Wada ta fi gamsar da ni. Ta sa tayil ruwan ƙasa mai haske a bayan risho, da siminti mai duhu a tsakaninsu, don nan datti ke maƙalewa. Sauran bangon ta shafa fentin mai, ruwan madara, wanda soso da sabulu ke gogewa. Fentin ruwa kuwa shanye man yake, in aka goge sai ya koɗe.