Me za mu kira Font, kuma me za mu kira Embed fonts?

Mai Fassara: Salamu alaikum. Ina rubuta ɗan littafin koyar da PowerPoint, na zo babin da ke bayanin abin da ya sa shafukan gabatarwa suke hargitsewa in an buɗe su a wata kwamfuta. Kalmomi biyu na kan allo sun tsayar da ni: Font, da Embed fonts in the file. Na farko na sa "salon rubutu". Ya yi?

Malam Na-Ɗab'i: Wa alaikumus salam. Salon rubutu na marubuci ne, yadda yake sarrafa jimla. Wannan kuwa fayil ne da ke zaune cikin kwamfuta, ɗauke da zanen kowane harafi da faɗinsa. Ni "zubin haruffa" nake cewa, kuma fahimtar cewa fayil ne daban ita ce dukan babin naka. Fayil ɗin gabatarwa sunan zubin kawai yake riƙewa, ba zanen ba. Ɗauki Aptos, wanda Microsoft ya fara maye gurbin Calibri da shi a 2023. Ka shirya aiki da shi, ka kai kwamfutar zauren taro mai Office 2016, ba za ta same shi ba, sai ta ari wani ba tare da ta faɗa maka ba. In na aron ya fi faɗi, kanun da ya zauna a layi ɗaya ya karye biyu, ya hau kan hoton da ke ƙasa. Abin yaudarar shi ne akwatin zaɓen zubi zai ci gaba da nuna Aptos.

Auta: Malam, ba majigi ne ke jawo wannan ba? Na ɗakin karatunmu duk matse hotuna yake.

Malam Na-Ɗab'i: Wancan daban ne, Auta. Shafi mai 16:9 ne a kan majigi mai 4:3. Ga yadda za ka rarrabe: in komai ya matse tare, har da'ira ta koma ƙwai, majigi ne. In hotuna suna nan daidai amma layuka sun karye a sabon wuri, zubi ne.

Hajiya Malama: Zubin haruffa ya kwanta min. Na biyun ku ce "cusawa". Kuma da zarar an cusa, magana ta ƙare: File, Options, Save, a sa alama a Embed fonts in the file.

Malam Na-Ɗab'i: Hanyar haka take, Hajiya, amma maganar ba ta ƙare ba. Akwai zaɓi biyu a ƙarƙashi. Embed only the characters used in the presentation yana ɗaukar haruffan da aka yi amfani da su kaɗai. Fayil bai yi nauyi ba, amma wanda zai yi gyara a can zai rasa sauran. In wani zai taɓa aikin, Embed all characters. Sannan ba kowane zubi ne mai shi ya yarda a ɗauka ba. A Windows, danna dama a kan fayil ɗin zubin, Properties, Details, duba Font embeddability. Installable ko Editable lafiya lau. Restricted ba zai shiga ba. Kalmar kuma, cusawa tana da ƙanshin dole, kamar abin bai dace da wurin ba. Na fi son "ƙunsawa", don fayil ɗin guzuri yake tafiya da shi.

Ɗan Damagaram: Akwai wata matsala da ta shafe mu masu rubuta Hausa. Zubin ado da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ, ƴ ko kaɗan. Sai kwamfuta ta aro wannan harafi ɗaya daga wani zubi, ka ga "ƙasa" ƙ ɗinta ta fi sauran siranta, ko a wata na'urar ta fito akwati fanko. Ƙunsawa ba ta maganin wannan, abin da babu ba ya ƙunsuwa. A buga haruffan huɗu da manyansu a gwada tun farko. Noto Sans da Andika suna da su, kuma lasisinsu ya yarda a ƙunsa.

Hajiya Malama: To a mai da shi PDF mana kowa ya huta.

Malam Na-Ɗab'i: Don tsari, shi ya fi aminci: File, Export, Create PDF/XPS. Amma a yi shi a kwamfutar da zubin yake, in ba haka ba hargitsin za a daskarar. Kuma motsi yana tafiya: jerin da ka tsara ya fito ɗaya bayan ɗaya zai bayyana gaba ɗaya, bidiyo ya zama hoto. Don tabbatarwa, buɗe shi a Adobe Acrobat Reader, Ctrl+D, Fonts, ka ga Embedded Subset a gefen kowane suna.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Zubin haruffa ya zauna. Tsakanin cusawa da ƙunsawa har yanzu ina rawa, don "ƙunsa zubi cikin fayil" ya ɗan yi nauyi a baki.

Ɗan Damagaram: Ka bar sunan maɓallin yadda yake a allo ko wacce ka zaɓa, don shi ɗalibi zai nema da ido.

Auta: Mu dai a aji "fonti" muke cewa, kuma ba na jin za a daina.