Wace kalma za mu sa wa "mesotes" na Aristotal?

Hajara: Salam jama'a, a taimaka min. Ina shirya 'yar takarda da za mu raba wa sabbin ma'aikata a wajen aikinmu kan faɗin gaskiya a ofis, sai na ɗauko maganar Aristotal, masanin falsafar nan na Girka da ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Cewa ya yi halin kirki yana zama ne tsakanin munanan halaye biyu, ɗaya wuce gona da iri ɗaya gazawa, misali jarumta tana tsakanin ragwantaka da ganganci. Wannan gurbin shi yake kira mesotes da Girkanci. Na rubuta "tsaka-tsaki" amma wallahi raina bai kwanta ba.

Bashir K.: Anti tsaka-tsakin ai ya yi, meye na wahalar da kai. Malamanmu ma sun daɗe da maganar nan, Imam Gazali ya sa shaja'a tsakanin jubnu da tahawwuri, wato tsoro da afkawa ba tunani. In kina so ta yi nauyi ki ce wasaɗiyya kawai.

Malam Sabo: Bashir batun Gazali ka yi gaskiya, kafin shi ma Miskawaihi ya kawo wannan tsarin. Amma kalmar nan za ta ɓatar da yaran Hajara. In ka ce wa Bahaushe wane ɗan tsaka-tsaki ne a ofis, abin da zai ji shi ne mutumin da ba ya nan ba ya can, baya son ɓata wa oga baya son ɓata wa abokan aiki, kuma wannan ai shi ne ragon da ake gudu. Wasaɗiyya kuma kunne ya riga ya kai ta wajen wa'azi.

Aristotal da kansa ya raba tsakiya gida biyu. Akwai ta lissafi, tsakanin goma da biyu shida ce ko wa ya lissafa. Akwai kuma wadda ake aunawa da mutum, ya ce in awo goma na abinci ya yi yawa, awo biyu ya yi kaɗan, ba shi ke nufin mai horar da 'yan wasa zai ba kowa shida ba, domin shidan ta yi wa Milo ɗan kokawa kaɗan, ta yi wa sabon shiga yawa. Ta biyun yake nufi. Tsoro a lokacin da ya dace, kan abin da ya dace, gwargwadon da ya dace. Shi ya sa ni na fi karkata ga "daidai gwargwado".

Abdul Akanta: Malam bari in kawo nawa a gwada kalmar a kai. A wani kamfani da na taɓa yi wa aiki an kawo min bauca ta man janareta lita 500 in sa hannu, alhali na san tankin nan 300 yake ci in ya cika maƙil, kuma oga ya riga ya sa nasa hannun, ni a lokacin ko takardar tabbatar da aiki ba a ba ni ba ga iyali ga haya. To ina daidai gwargwadon a nan?

Nura: Sai ka sa hannu kan 400 mana, kai ba ka ƙi ba kai ba ka yarda duka ba. Ko ba haka ake nufi ba

Malam Sabo: Nura ka ga irin ɓarnar da nake cewa kalmar za ta yi. A'a. Aristotal ya faɗa ƙarara cewa akwai ayyukan da ba su da tsakiya, ya ambaci sata da zina da kisan kai, ba wata satar da ake yi daidai misali. Abin da ake aunawa tsoron Abdul ne da ƙarfin gwiwarsa, ba litocin mai ba.

Abdul, ragwantaka a nan ita ce ka sa hannu ka ce ba ruwanka na sama da kai ya sa. Ganganci shi ne ka ɗauki hoton baucar ka watsa a zauren ma'aikata kana kiran oga ɓarawo tun ba ka bincika komai ba, alhali mai yiwuwa an kawo man sau biyu ne aka haɗa a takarda ɗaya, ko akwai duro biyu a sito da ba ka sani ba. In haka ta tabbata ka yi wa mutum ƙazafi, kuma gobe in ka ga satar gaske ba mai saurarenka. Abin da ya dace da kai a ranar, ka duba takardar karɓar kaya da littafin mai gadi ka ga sau nawa tanka ta shigo, ka samu oga ku biyu ka ce ranka ya daɗe lissafin nan bai haɗu min ba ko akwai takardar da ban gani ba. In ya kawo shikenan. In ya ce sa hannu kawai, sai ka ƙi cikin ladabi, ka rubuta dalilinka, ka kai wa mai binciken kuɗi na cikin gida. Ka ga ƙin sa hannun nan ba rabi-rabi ba ne, cikakken ƙi ne, kuma gabanka zai faɗi, mai jarumta ai yana jin tsoro shi ma.

Abdul Akanta: Kusan haka na yi sai dai ban rubuta komai ba, baki da baki ne. Amma Malam wanda ya shekara ashirin a gurin yana da mai tsaya masa ai ba ɗaya muke ba.

Malam Sabo: Shi ne Milon ai. Shi zai iya tayar da maganar a taron manyan ma'aikata kai tsaye kuma in ya yi shiru laifinsa ya fi naka, kai kuwa hanyarka ta fi tsawo. Sa hannun ne dai bai halatta ga kowannenku ba.

Zainab Umar: Ni fa ina da ja. Aristotal in yana maganar jarumta ta haƙiƙa fagen fama yake nufi, mutum ya tsaya a gaban mutuwa, ba takardar tuhuma daga ofishin ma'aikata ba. Mu ce ƙarfin hali mana a ofis, a bar wa sojoji jarumta. Sannan "daidai gwargwado" a bakin mutane ya zama "ba laifi", a tambaye ka ya kasuwa ka ce daidai gwargwado, to ina kyan hali a nan? Shi kuwa ya ce ta fuskar kyau gurbin nan ƙololuwa ne.

Bashir K.: To a ce daidai ruwa daidai tsaki

Zainab Umar: Karin magana ce Bashir, ta kama ma'anar sosai amma ba za ka ce "aƙidar daidai ruwa daidai tsaki" sau goma a takarda ɗaya ba. "Daidaito" fa?

Malam Sabo: Daidaito 'yan siyasa sun cinye shi, kowa zai ji raba daidai tsakanin mutane. Batun fagen fama kin yi gaskiya Hajiya, mu ne muka faɗaɗa shi. Sai dai ƙarfin hali ma yana da nasa, ɓarawo da sallama ai ƙarfin hali ake ce masa, ya fi kusa da gangancin. Me za ku ce da "madaidaicin hali"?

Hajara: Wannan ya fi kwanta min, ga hali a ciki kuma ba wanda zai ji rabi-rabi. Zan sa madaidaicin hali a kanu, in kawo karin maganar Bashir sau ɗaya wajen bayani. Abdul in ka yarda zan yi amfani da labarin baucar, zan canza kayan zuwa takardun firinta. Jarumta ko ƙarfin hali ne har yanzu ban yanke ba.

Zainab Umar: Madaidaici ma ai ana faɗa wa girman riga, amma dai ya fi na farkon. Ki gwada karanta wa mutum biyu cikin sabbin ba tare da bayani ba ki ji me za su ce ya kamata Abdul ya yi.

Abdul Akanta: Na yarda Anti, amma ki bar shi a man janareta, kowa ya san wannan.